Yadda ake jawo bayanai masu sabuntawa daga intanet zuwa Google Sheets da fomula kaɗai

Tambayar da aka fi yi mini a kwanakin nan ita ce yadda mutum zai sa takardar lissafinsa ta riƙa ɗauko alƙaluma daga wani shafin intanet da kanta, ya daina kwafowa da hannu kowace safiya. Ana yin haka da fomula ɗaya a cikin gida ɗaya, wato akwati ɗaya na takardar. Rubuta fomular ba ya cin minti guda. Abin da ke cin lokaci shi ne gane irin shafin da zai yarda a jawo shi, da tsara fayil ɗin yadda ba zai wargaje ba idan bayanan suka canza. A nan zan fi tsayawa.

Aiki guda za mu bi daga farko har ƙarshe. Za mu haɗa fayil da ke nuna girgizar ƙasa goma mafi ƙarfi da aka yi a duniya cikin kwana bakwai da suka wuce, daga bayanan da hukumar binciken ƙasa ta Amurka, USGS, take fitarwa kyauta. Na zaɓi wannan ne saboda bayanan suna canzawa kullum, don haka za ka ga sabuntawar da idonka. Idan ka iya wannan, adireshi kawai za ka canza a sauran ayyukanka.

1. Kayan aiki da abin da za a kashe

Kana buƙatar asusun Google, da kwamfuta mai burauza, da intanet. Fomulolin suna cikin Google Sheets tun asali, ba a biyan kuɗi a kansu, ba a kuma girka komai. Datar da za ka ci ma ba ta da yawa, domin kwamfutocin Google ne suke zuwa shafin su ɗauko bayanan, kai sakamakon kawai ake turo maka. Ka riƙe wannan batu na cewa Google ne ke zuwa a madadinka, don shi ne sanadin yawancin matsalolin da za mu gani a gaba.

Fomuloli uku ne za su yi mana aiki. IMPORTDATA tana jawo fayil ɗin CSV ko TSV, wato fayil ɗin da aka jera bayanai layi-layi aka raba su da waƙafi ko tazara. IMPORTHTML tana jawo tebur ko jerin abubuwa daga cikin shafin intanet. IMPORTXML kuma tana tsinko wani ɗan yanki guda, kamar kanun shafi ko lamba ɗaya.

Gargaɗi: waɗannan fomuloli uku na Google Sheets ne. Idan ka rubuta su a Excel za ka ga `#NAME?`, domin bai san su ba. Excel yana da tasa hanyar a ƙarƙashin Data, sannan From Web, amma wannan wani darasi ne. Haka kuma idan ka sauke fayil ɗinka daga Google Sheets a matsayin fayil ɗin Excel, alƙaluman za su daskare a yadda suke, ba za su ƙara sabuntawa ba.

Ka fara aikin a kwamfuta. Bayan ka gama kana iya duba sakamakon a waya, amma izinin farko da za mu gani a mataki na uku ta burauzar kwamfuta ake ba da shi.

2. Duba ko shafin zai jawu

Wannan matakin mutane suka fi tsallakewa, sai su kwana suna gyara fomular da lafiyarta ƙalau.

Shafukan intanet iri biyu ne. Akwai wanda alƙalumansa suke rubuce a cikin ainihin rubutun da ake aiko wa burauza. Akwai kuma wanda fanko ake aikowa, sai wani shiri na JavaScript ya tashi a cikin burauzarka ya je ya ɗauko alƙaluman ya zuba. A ido duka ɗaya ne. Amma fomulolin Google ba sa tayar da JavaScript, abin da aka aiko da farko kawai suke karantawa. Idan fanko ne, fanko za su kawo maka.

Gwajin ba wuya. Buɗe shafin, ka zaɓi wata lamba ko kalma daga cikin teburin da kake so. Danna `Ctrl+U`, sai wani shafi cike da rubutu ya buɗe, shi ne ainihin abin da aka aiko. Danna `Ctrl+F` ka nemi lambar nan. Idan ka same ta, akwai kyakkyawan zaton shafin zai jawu. Idan babu ita, kada ka wahalar da kanka, ka nemi wata majiyar.

Akwai shafukan da ko sun ci wannan gwajin ba za su jawu ba. Na farko shi ne duk wanda sai ka shiga da suna da kalmar sirri kafin ka ga bayanan. Kai ka shiga a burauzarka, amma kwamfutar Google da za ta je baƙuwa ce, a ƙofa za a tsayar da ita. Na biyu shi ne shafin da masu shi suka toshe ziyarar na'urori da gangan. Wannan ba shi da magani ta fomula, kuma idan masu shafi sun rubuta a ƙa'idojinsu cewa ba su yarda a kwashi bayanansu ta haka ba, a bar musu kayansu.

Kafin ka fara kokawa da tebur, ka leƙa ko shafin yana da maɓalli mai ɗauke da CSV ko Download. Idan akwai, danna shi da maɓallin dama na linzamin kwamfuta ka zaɓi Copy link address. A ganina fayil ɗin CSV ya fi tebur sau goma: don na'ura aka yi shi, ba ya ɗauke da kwalliya, kuma ba a cika canza tsarinsa ba ko da an sake fasalin shafin gaba ɗaya. Bayanan girgizar ƙasar da za mu jawo irin wannan ne.

3. Jawo ɗanyen bayani

Buɗe sabon fayil a Google Sheets. A ƙasan allo za ka ga falle ɗaya mai suna Sheet1. Danna sunan sau biyu ka mayar da shi `Danye`. Ka rubuta shi haka da D mara lanƙwasa, kalma ɗaya ba tazara, don ya yi sauƙin kira a cikin fomula. Wannan fallen na bayanan da aka jawo ne kaɗai, ba za ka taɓa rubuta komai a cikinsa da hannu ba.

A gidan A1 rubuta wannan ka danna Enter:

```
=IMPORTDATA("https://earthquake.usgs.gov/earthquakes/feed/v1.0/summary/4.5_week.csv")
```

Ƙarshen adireshin yana faɗin abin da ke ciki: girgizar da ƙarfinta ya kai 4.5 zuwa sama, cikin mako guda. Da za ka mayar da shi `2.5_day.csv` sai ka samu masu ƙarfin 2.5 zuwa sama na kwana ɗaya.

A karon farko wani gargaɗi zai fito a saman fallen yana cewa wasu fomuloli suna son aika bayanai da karɓa daga waje, da maɓallin Allow access a gefensa. Danna shi. Sau ɗaya ake yi wa kowane fayil. Kafin a danna, gidan zai nuna `#REF!`, kuma da yawa suna ɗauka fomular ce ta lalace. Gargaɗin yana da dalili: idan wani ne ya turo maka fayil ɗin da ba ka san tushensa ba, ka duba adireshin da ke cikin fomulolinsa kafin ka ba da izini, domin ta wannan hanyar ana iya fitar da abin da ke cikin fayil zuwa waje.

Gidan zai nuna `Loading...` na ɗan lokaci, sannan bayanai su bazu daga A1 zuwa dama da ƙasa. Layukan tsaye 22 ne, daga A zuwa V. Waɗanda suka shafe mu su ne A mai lokaci, D mai zurfi a kilomita, E mai ƙarfin girgizar, L mai lambar shaidar kowace girgiza, da N mai sunan wurin.

Gargaɗi: fomular tana zaune a A1 kaɗai, sauran gidajen duk baƙinta ne. Idan ka rubuta ko da harafi ɗaya a wani gida da take buƙata, komai zai ɓace, A1 ya koma `#REF!`. Ɗora linzami a kan gidan za ka ga saƙon da ya fara da `Array result was not expanded`, kuma zai faɗi sunan gidan da ya tare hanya. Share abin da ke wannan gidan, bayanan su dawo. Abin da ya fi ruɗa mutane shi ne tarewar da ke zuwa daga baya. Yau layuka ɗari ne, sai ka rubuta jimla a layi na ɗari da biyar, gobe bayanan suka ƙaru suka iso wurin, fallen ya mutu. Shi ya sa na ce kada a rubuta komai a Danye.

Idan kuma abin da ka gani shi ne `#ERROR!` da `Formula parse error`, duba alamun zancen da ke kewaye da adireshin. Wanda ya kwafo fomula daga saƙon waya ko manhajar rubutu yakan taho da alamun zance masu lanƙwasa, su kuwa fomula ba ta gane su. Goge su ka sake bugawa da hannu.

4. Tabbatar lambobi lambobi ne

Kafin ka ci gaba, kalli layin E. A Google Sheets lamba tana jingina ta dama a cikin gida, rubutu kuma yana jingina ta hagu, muddin ba ka canza ba. Idan alƙaluman E suna dama, lafiya lau. Don ka tabbatar, buɗe sabon falle da alamar `+` da ke ƙasa, ka sa masa suna `Tsabta`, ka gwada wannan a wani gida:

```
=ISNUMBER(Danye!E2)
```

Idan ya ce `TRUE`, share gwajin ka wuce. Idan ya ce `FALSE`, ko kuwa ka ga ƙarfin girgiza kamar 5.1 ya rikiɗe ya zama kwanan wata, matsalar daga saitin yankin fayil ɗinka take. Wasu ƙasashen da waƙafi suke raba cikakkiyar lamba da ɓurɓushinta, su rubuta 5,1 a inda wasu ke rubuta 5.1. Fayil ɗin da aka saita a irin wannan yankin yana karanta ɗigo ta wata fuska dabam. Je File, sannan Settings, ka duba Locale. Mafi sauƙi shi ne ka mayar da shi United States ko United Kingdom tun fayil ɗin yana sabo, ka share fomular ka sake rubuta ta. Wannan saitin ne kuma yake yanke ko da waƙafi za a raba sassan fomula ko da alamar `;`. Duk fomulolin da ke cikin wannan jagora da waƙafi aka rubuta su.

5. Tace abin da kake so

Yanzu a gidan A1 na fallen Tsabta rubuta:

```
=QUERY(Danye!A1:V, "select A, N, E, D where E >= 5 order by E desc limit 10", 1)
```

A karanta ta sannu a hankali. Sashen farko, `Danye!A1:V`, yana nufin a duba fallen Danye daga A1 zuwa layin V har ƙasa. Da gangan ba a sa lamba bayan V ba, domin yawan layukan yana canzawa kullum. Wanda ya rubuta `A1:V100` ya yanke duk abin da ya wuce layi na ɗari, kuma ba wani gargaɗi da zai gani. Sashen tsakiya yana cewa a ɗauko lokaci da wuri da ƙarfi da zurfi, na girgizar da ta kai 5 ko ta wuce, a jera daga babba zuwa ƙarami, a tsaya a goma. Lamba 1 ta ƙarshe tana gaya wa fomular cewa layin farko kanu ne, kada ta haɗa shi da bayanai.

Haruffan layukan dole su zama manya. `select a, n` ba zai yi aiki ba.

Za ka ga wasu suna cusa IMPORTDATA kai tsaye a cikin QUERY don a gama komai a gida ɗaya. Yana aiki, sai dai a nan ba a kiran layuka da A da E, sai `Col1` da `Col5`, da babban C. Ni ban cika so ba. Idan abu ya lalace ba ka san ko jawowar ce ta gaza ko tacewar ba, kuma idan kana buƙatar tacewa iri uku ka jawo fayil ɗaya sau uku ke nan. A jawo sau ɗaya a Danye, kowa ya ɗiba daga can.

Gargaɗi: QUERY tana ɗaukar kowane layin tsaye a matsayin iri ɗaya, ko lamba ko rubutu. Idan an gauraya, sai ta bi mafi rinjaye, ta mayar da sauran fanko ba tare da ta ce uffan ba. A bayanan girgizar ƙasa wannan ba zai dame ka ba, amma a teburin da wasu gidaje ke ɗauke da lamba wasu kuma an rubuta kalma, za ka ga ramuka a sakamakon. Idan ka ga haka, koma Danye ka duba layin.

Saura lokaci. Yana zuwa ne a matsayin rubutu, da siffa kamar `2024-03-05T14:22:10.500Z`. Harafin T yana raba kwanan wata da awa, Z kuma yana nufin agogon UTC ne, wato agogon GMT. Don ka mayar da shi lokacin da za a iya lissafi da shi, rubuta wannan a E2 na Tsabta ka ja shi ƙasa zuwa E11:

```
=IF(A2="", "", DATEVALUE(LEFT(A2,10)) + TIMEVALUE(MID(A2,12,8)))
```

LEFT ta ɗauki haruffa goma na farko, su ne kwanan wata. MID ta fara daga harafi na 12 ta ɗauki takwas, su ne awa da minti da daƙiƙa. IF ɗin da ke farko tana hana kuskure a makon da girgizar ba ta kai goma ba. Idan lamba mai tsawo ta fito maimakon lokaci, zaɓi gidajen ka je Format, Number, Date time. Idan agogon wurinku yana gaban UTC da awa uku, ƙara `+3/24` bayan sashen TIMEVALUE, domin a lissafin Sheets kwana ɗaya shi ne 1, awa ɗaya kuma kashi ɗaya cikin 24.

6. Kada ka rubuta bayani a gefen layin da ke motsi

Wannan kuskuren ya fi duk sauran haɗari, domin ba ya nuna wata jar alama.

A ce a layi na huɗu na Tsabta akwai wata girgiza, sai ka rubuta "an duba" a gidan F4. Da dare aka yi wata da ta fi ta ƙarfi. Sabuwar ta shiga sama, taka ta sauka layi na biyar. Rubutunka kuwa yana nan daram a F4, a gefen wata girgiza dabam da ba ka taɓa dubawa ba. Na taɓa yin irin wannan da wani jerin kaya, sai bayan mako biyu na lura duk bayanan da na rubuta sun zame da layi uku.

Maganin shi ne ka ɗaura bayaninka a kan abin da ba ya canzawa, wato lambar shaida. Buɗe falle na uku mai suna `Bayani`. A layin A ka liƙa lambar shaidar girgizar daga layin L na Danye, a layin B ka rubuta abin da kake so. Sannan ka ƙara L a ƙarshen jerin `select`, ya zama `select A, N, E, D, L`. Kafin ka yi haka ka matsar da fomular lokaci daga E zuwa F, in ba haka ba `#REF!` na mataki na uku zai dawo. A G2 sai ka sa wannan, ka ja shi ƙasa zuwa G11:

```
=IFERROR(VLOOKUP(E2, Bayani!A:B, 2, FALSE), "")
```

VLOOKUP tana neman lambar shaidar da ke E2 a fallen Bayani ta kawo abin da ka rubuta a gefenta. Yanzu duk inda girgizar ta koma, bayaninta zai bi ta. A kowane irin bayani ka nemi layin da ke yin wannan aikin: lambar kaya, lambar rajista, ko sunan da ba ya maimaituwa.

IFERROR, mai ɓoye saƙon kuskure ta bar gidan fanko, ta dace a nan, domin rashin bayani ba matsala ba ce. Amma kada ka lulluɓe IMPORTDATA kanta da ita. Saƙon kuskuren shi ne kaɗai zai gaya maka abin da ya faru, idan ka rufe shi fanko kawai za ka gani.

7. Idan babu CSV, sai tebur

A nan IMPORTHTML take shigowa. Tana karɓar abu uku: adireshi, da kalmar `"table"` ko `"list"`, da lambar teburin a cikin shafin, ana farawa daga 1. Tebura da jerin abubuwa kowanne ƙirgarsa dabam.

Wahalar ita ce lambar. Teburin da kake gani a matsayin na farko yana iya zama na uku a cikin rubutun shafin, domin akwatunan gefe da wasu kwalliya su ma da tebur ake gina su. Kada ka yi ta gyara fomula. A sabon falle sa adireshin a A1, sa lamba 1 a B1, sannan a A3 ka rubuta:

```
=IMPORTHTML(A1, "table", B1)
```

Canza B1 zuwa 2, 3, 4 har teburinka ya fito. Shafukan Wikipedia suna da daɗin koyo, domin teburansu a cikin ainihin rubutun shafin suke. Ɗauki kowane shafi mai jerin ƙasashe ko birane ka gwada.

Idan ka ga `#N/A` da `Imported content is empty`, abu biyu ne: ko lambar ta wuce yawan teburan da ke shafin, ko kuwa shafin na JavaScript ne. Idan `Could not fetch url` ne, Google bai samu shiga ba sam, sai ka duba adireshin, in daidai yake to an toshe ƙofa. Idan kuma saƙon ya ƙare da `exceeded maximum size`, shafin ya yi girma, ka nemi ƙaramin sashensa.

Bayanin tebur ba ya zuwa da tsabta irin ta CSV. Rubutu mai kauri yakan zo da alamar tauraro a gefe da gefe, lambobi kuma sukan taho da alamar madogara a manne, kamar `1,250,000[3]`. Wannan ya zama rubutu, ba zai shiga jimla ba. Dabarar da ake yawan bayarwa ita ce a cire duk abin da ba lamba ba. Yi hattara da ita, domin 3 ɗin da ke cikin baka ita ma lamba ce, sai ka wayi gari da 12500003, kusan ninki goma na gaskiya. A cire bakan da abin da ke cikinsa tukuna, a ce lambar tana gidan C4:

```
=VALUE(REGEXREPLACE(TO_TEXT(C4), "\[.*?\]|[^0-9.]", ""))
```

Sashen da ke kafin sandar `|` yana share baka da abin cikinsa, na bayanta yana share duk abin da ba lamba ko ɗigo ba. Sakamakon 1250000. Lura cewa tana share alamar ɗebewa ma, don haka idan akwai lambobin da ke ƙasa da sifili, mayar da sashen ƙarshe `[^0-9.-]`.

Gargaɗi: lambar tebur ba alƙawari ba ce. Ranar da masu shafin suka ƙara wani tebur a sama, lamba 2 ɗinka za ta koma nuna wani abu dabam, fomular kuma ba za ta yi ƙorafi ba. Ajiye ɗan mai gadi: a wani gida ka kwatanta kanun layin farko da abin da ka san ya kamata ya zama, misali `=IF(A3="Rank","daidai","a duba")`, ka sa ainihin kanun teburinka a madadin `Rank`.

IMPORTXML kuwa sai idan abu ɗaya tak kake so daga shafi. Misali, wannan tana kawo babban kanun shafin da adireshinsa ke A1:

```
=IMPORTXML(A1, "//h1")
```

Don wani yanki dabam, danna shi da maɓallin dama a Chrome, zaɓi Inspect, sake danna dama a kan layin da ya haskaka, sannan Copy, Copy XPath. Abin da ka kwafo yakan ƙunshi alamun zance biyu-biyu a ciki, ka mayar da su ɗaya-ɗaya, `'` maimakon `"`, kafin ka liƙa a fomula. Idan akwai `/tbody` a ciki kuma sakamakon ya zo fanko, gwada cire shi, domin sau da yawa burauza ce take ƙara shi da kanta. Wannan hanyar ita ce mafi saurin karyewa cikin ukun, shi ya sa na bar ta a ƙarshe.

8. Yaushe yake sabuntawa

Ba kowace daƙiƙa ba. IMPORTDATA da IMPORTHTML da IMPORTXML suna duba sabon bayani kusan sau ɗaya a awa yayin da fayil ɗin yake buɗe. USGS tana sabunta nata fayil ɗin kowane minti, amma fallenka yana iya zama a baya da awa guda. Ga wanda ke son rahoton safe da yamma wannan ya isa. Ga wanda zai yanke shawara a kan farashin da ke motsi kowane minti, bai isa ba.

Sabunta shafin burauza ba ya tilasta sabon jawowa. Saitin Recalculation da ke cikin File, Settings, Calculation shi ma ba na waɗannan fomuloli ba ne, na irin su NOW mai nuna lokacin yanzu da RAND mai fitar da lambar kan-mai-uwa-da-wabi ne. Kuma idan ka yi dabarar haɗa NOW ko RAND da adireshin don ya riƙa canzawa, Sheets zai ƙi, ya ba ka kuskure.

Abin da ke aiki shi ne ka canza adireshin da hannunka. A gidan J1 na Tsabta sa lamba 1, ka mayar da fomular Danye haka:

```
=IMPORTDATA("https://earthquake.usgs.gov/earthquakes/feed/v1.0/summary/4.5_week.csv?v=" & Tsabta!J1)
```

Duk lokacin da ka canza lambar zuwa wadda ba ka taɓa sawa ba, Google zai ɗauka sabon adireshi ne ya je ya ɗauko. Yawancin shafuka ba sa kula da wannan ɗan ƙarin, amma wasu sukan ƙi shi, sai ka gwada. Idan adireshin yana da `?` a ciki tun asali, yi amfani da `&v=` a madadin `?v=`.

Don ka san tsufan bayanan da ke gabanka, nuna lokacin girgiza mafi sabunta a J2 da `=Danye!A2`, tunda fayil ɗin yana jera sabuwa a sama. Idan ka ga ya kwana biyu bai motsa ba, jawowar ta tsaya.

Gargaɗi: kada ka ja fomular jawowa ƙasa a layuka ɗari biyu, kowane layi da adireshinsa. Google yana taƙaita yawan jawowar da ake yi, sai gidaje su maƙale a `Loading...` su ƙi tashi. Idan haka ta faru, rage yawansu, ka jawo babban tebur ɗaya ka riƙa tsinko abin da kake so da VLOOKUP.

9. Adana na yau kafin ya wuce

Fomular ba ta da ƙwaƙwalwa. Abin da ke shafin yanzu shi take nunawa, girgizar da ta wuce kwana bakwai kuma za ta fice daga fallenka. Idan kana son tarihi, buɗe falle mai suna `Tarihi`, zaɓi sakamakon Tsabta, danna `Ctrl+C`, je layin farko da ba kowa a Tarihi ka danna `Ctrl+Shift+V`. Wannan yana liƙa alƙaluman tsurarsu ba tare da fomula ba. `Ctrl+V` kaɗai fomular zai kwafo, ita kuma gobe ta canza. Rubuta kwanan watan da ka adana a gefe da `Ctrl+;`, wanda ke sa ranar yau a daskare, saɓanin TODAY da ke tafiya da kwanaki.

Idan kana adanawa fiye da sau ɗaya a mako, girgiza ɗaya za ta shigo sau biyu. Zaɓi fallen Tarihi, je Data, Data cleanup, Remove duplicates, ka cire alamar da ke kan sauran layukan ka bar ta a kan layin lambar shaida kaɗai. Wannan umarnin yana barin wanda ya fara zuwa daga sama ya share na ƙasa. USGS kuwa takan gyara ƙarfin girgiza bayan ƙarin nazari, don haka idan sabon adadin kake so ya tsira, jera Tarihi da kwanan watan adanawa daga sabo zuwa tsoho kafin ka share.